Cire baƙin sama da ƙasa a bidiyon waya: a yanke ko a zuƙo?

"Assalamu alaikum. An turo mini wani bidiyo da aka ɗauka da waya, amma hoton ya tsaya a tsakiya, sama da ƙasa duk baƙi ne. Wani ya ce in yanke baƙin, wani kuma ya ce in zuƙo hoton har ya cika allo. Wanne ne ba zai lalata mini bidiyon ba?"

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai, ka fara tabbatar da cewa baƙin nan yana cikin fayil ɗin ne, domin sau da yawa ba ya ciki. Ka kunna bidiyon, ka juya wayar a kwance. Idan hoton ya buɗe ya yi girma, baƙin sama da ƙasa ya ɓace, to manhajar kallo ce kawai take cike gurbin da ya rage a allo, kuma babu abin da za ka cire. Idan kuwa ka juya wayar sai hoton ya ƙara ƙanƙancewa, baƙi ya kewaye shi ta fuska huɗu, to baƙin ya zama ɓangaren bidiyon kansa. Bayanan fayil ma za su nuna maka: idan girman da aka rubuta 1080x1920 ne alhali hoton da kake gani a kwance yake, an riga an haɗa baƙin da hoton.

Zan ɗauka cewa naka irin na biyun ne, kuma zan yi lissafin da shi. Bidiyon da aka ɗauka a kwance yawanci 1920x1080 ne. Idan aka saka shi cikin firam na tsaye mai faɗin fiksel 1080 da tsawon 1920, dole a rage shi har faɗinsa ya shiga, sai hoton ya koma 1080 a faɗi da kimanin 608 a tsawo. Ragowar 1312 ɗin ita ce baƙin da kake gani, 656 a sama, 656 a ƙasa. Wato hoton gaske da ya rage a hannunka bai kai kashi ɗaya cikin uku na firam ɗin ba, kuma babu wata dabara ta yankewa ko zuƙowa da za ta dawo da abin da aka zubar a lokacin ragewar farko.

Idan ka yanke, firam ɗin ne yake raguwa ya daidaita da hoton. Za ka samu bidiyo a kwance mai 1080x608, babu baƙi, kuma duk abin da yake cikin hoton yana nan, daga gefen hagu har na dama. Idan ka zuƙo, firam ɗin tsaye yana nan yadda yake, hoton ne ake kumburawa har tsawonsa na 608 ya kai 1920, abin da ya ɗan haura ninki uku. Tun da faɗin ma yana kumbura da wannan adadin, mafi yawansa zai fita daga firam: cikin fiksel 1080 na faɗi, kimanin 342 na tsakiya kaɗai za su rage. Ka yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na hoton, sannan abin da ya rage ya yi dishi-dishi, domin kowane fiksel ɗaya an shimfiɗa shi ya rufe wurin kusan goma.

Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon fara aikina. Bidiyon hira ce tsakanin mutum biyu da suke zaune gefe da gefe, na zuƙo shi ya cika allo, na duba daƙiƙun farko inda mutum ɗaya ne a tsakiya yana gabatarwa, na fitar da shi. Sai da mai bidiyon ya kira ni na gane cewa a sauran mintunan babu abin da ake gani sai kafaɗar wannan, da kafaɗar wancan, da teburin da ke tsakaninsu. Tun daga ranar ba na zuƙowa sai na kalli bidiyo daga farko har ƙarshe.

Saboda haka shawarata ita ce ka yanke. A waya, ka buɗe bidiyon a Google Photos, ko a Photos idan iPhone ce, ka shiga wurin gyara, ka zaɓi `Crop`, ka sa ma'aunin a kan `16:9` don kada hannunka ya karkatar da siffar, sannan ka daidaita firam ɗin a kan hoton. Yana da kyau ka ɗan shiga cikin hoton da fiksel biyu zuwa huɗu a sama da ƙasa, domin iyakar da ke tsakanin hoto da baƙi ba ta cika fita garau ba bayan an matse bidiyo, kuma idan ka bar ta za ka ga wani siririn layi mai duhu a bakin bidiyon. Ka kuma duba ko akwai rubutun fassara ko tambari a cikin baƙin ƙasa, domin yankewa za ta tafi da su.

Idan kana da kwamfuta, ffmpeg, wato manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, zai auna maka baƙin da kansa:

```
ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vf cropdetect=round=2 -f null -
```

Zai riƙa fitar da layuka masu ƙarewa da wani abu kamar `crop=1080:608:0:656`, wato faɗi, tsawo, da wurin da za a fara yankan daga hagu da daga sama. Ka ɗauki lambar da ta fi maimaituwa, kuma idan bidiyon yana da wurare masu duhu sosai ka yi hattara, domin yakan ɗauki duhun dare a matsayin baƙin gefe ya ba ka lambar da za ta ci cikin hoto. Daga nan sai ka yanke:

```
ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vf crop=1080:608:0:656 -crf 18 -c:a copy sabo.mp4
```

Idan za ka sauya lambobin da hannu, ka bar faɗi da tsawo a kan lambobin da biyu take raba su, domin irin waɗannan lambobin ne H.264 na yau da kullum, wato tsarin matse bidiyon, yake buƙata. Ka kuma sani cewa ko a waya ko a kwamfuta, yankewa tana sa a sake matse bidiyon, don haka ka yi ta sau ɗaya daga fayil mafi kyau da kake da shi, kada ka yanke, ka ajiye, ka sake yanke wanda ka ajiye.

Akwai wuri ɗaya da yankewa ba ta magance matsala, shi ne idan inda za ka ɗora bidiyon na tsaye yake nunawa. A can baƙin zai dawo, domin bidiyo na kwance ba zai cika allon tsaye ba. A irin wannan hali zuƙowa tana da amfani idan mutum ɗaya ne a tsakiya kuma ba ya yawan motsi, amma ko a nan ba na son a kai ta ninki uku. Abin da nake yi shi ne in zuƙo kamar ninki ɗaya da rabi, hoton ya kai tsawon 912, kashi biyu cikin uku na faɗinsa ya tsira, sannan in cike sama da ƙasa da kwafin bidiyon da aka dusashe, wanda yawancin manhajojin gyaran bidiyo suke da shi a wurin zaɓen bango.

Kafin duk wannan, ka tambayi wanda ya turo maka ko ainihin bidiyon yana wayarsa har yanzu. Idan yana nan, ya turo maka shi a matsayin fayil don kada manhajar aika saƙo ta matse shi. Da ainihin 1920x1080 a hannunka ba ka buƙatar yanke komai idan a kwance kake son sa, kuma ko da na tsaye kake so, tsakiyar da za ka ciro za ta kai 608x1080, wadda ninki 1.8 kawai take buƙata ta cika allo.