Karta uku sun nuna tsohon mijina zai dawo, mene ne matsayina?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aikin jinya a Ingila. Wata bakwai ke nan da mijina ya yi mini saki ɗaya, na gama idda, muna da 'ya ɗaya, kuma har yau raina bai fita daga kansa ba. Wata Baturiya abokiyar aikina tana da kartar duba da suke kira tarot. Wani dare muna hutu ta cakuɗa kartar, na zaro guda uku ta jera su: na farko abin da ya wuce, na biyu halin da ake ciki, na uku abin da ke tafe. Na farko ya fito da zuciya an soke ta da takubba uku, na biyu mutum an rataye shi ta ƙafa, na uku yara biyu da kofuna shida. Ta ce an raunata ni, yanzu lokacin jira ne, kuma wani na baya zai dawo. Ban biya ta ko sisi ba, kuma ta ce ba duba ba ne, madubi ne da mutum ke kallon zuciyarsa. Akwai wanda ya aika wajen yayana yana neman aurena, bayan wannan dare na ce a gaya masa ya dakata. Wata ƙawata ta ce ai kyakkyawan fata ne, kuma Musulunci bai hana ba. Shin na yi laifi? Yaya sallata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanyaya miki, 'yar uwa. Son ki koma ɗakinki ba laifi ba ne. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne a kan 'yar uwar Ma'aƙilu ɗan Yasar, wadda mijinta ya sake ta har idda ta ƙare, ya dawo nema, ita ma tana so, Allah ya hana ɗan uwanta ya tare hanya. To burinki halal ne. Ƙofar da kika ƙwanƙwasa ce ba ta halatta ba.

Haramcin duba ba abin da zan tsaya jero miki hujjojinsa ba ne, kin san su. Rashin biyan kuɗi ya raba ki da laifi ɗaya, ladan boka da aka hana, amma bai taɓa asalin tambayar ba. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki jimla ɗaya ce: kin ce a gaya wa mai neman aurenki ya dakata. Da zama kawai kika yi kika saurara kika tashi, da sai in ce kin faɗa cikin hanin tambaya, ki tuba. Amma kin ɗauki abin da karta ta nuna kin yanke shawarar aure da shi. Bakinki na iya cewa ban yarda ba, saƙon da kika aika wa yayanki ya nuna zuciya ta jingina.

Ina so ki ga yadda abin ya kama ki, don wanda ya gane dabarar ba ya komawa. Kartar nan guda 78 ce. A arewacin Italiya aka fara ta cikin ƙarni na 15 a matsayin wasa, sai wajen 1781 wasu a Faransa suka fara jingina mata asiri da duba. Hotunan da kika kwatanta na bugun da ya fito a Landan ne a 1909, mutum ne ya zana su da hannunsa. Katin farko, na abin da ya wuce, shi ne tarkon. Duk macen da ta zo tambayar ko tsohon mijinta zai dawo, an riga an san akwai ciwo a bayanta. Da katin hasumiyar da tsawa ta faɗa wa ne ya fito, da an ce gidanki ya rushe. Da na mace da namiji masu miƙa wa juna kofi ne, da an ce ga soyayyar da kuka yi. Babu katin da ba zai zauna a wannan gurbi ba. Na biyu ma haka: wadda ta yi wata bakwai tana duba waya, ko ba a nuna mata mutum a rataye ba ta san jira take yi. Da biyun nan suka yi daidai da abin da kika riga kika sani, sai kika ba wa na uku amanar da bai yi komai ya same ta ba, alhali shi kaɗai ne yake magana a kan abin da ba wanda ya sani sai Allah.

Katin kofuna shida ɗin kansa, a wajen masu wannan sana'a ma'anarsa tunawa da baya ce da kewar abin da ya wuce. Wani mai karantawa zai ce wani na baya zai dawo, wani kuma da katin nan ɗaya zai ce kin maƙale a jiya, ki saki. Abokiyar aikinki ta san labarinki, ta ga fuskarki, ta zaɓi fassarar da za ta faranta miki. Ba na zarginta da mugun nufi, wataƙila tausayinki ta ji.

Sai maganar ƙawarki, wadda na fi jin tsoronta fiye da kartar, domin ta sa wa abin rigar addini. Gaskiya ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fa'ali, wato kyakkyawan fata, kuma da aka tambaye shi mene ne shi, ya ce kalma ce mai daɗi da ɗayanku zai ji. Ki lura da wannan: ji ake yi, ba nema ake fita yi ba. Mara lafiya ya ji ana kiran wani da suna Salim, ransa ya yi sanyi, ya ci gaba da shan maganinsa. Bai shirya wani abu don ya tambaye shi ba, kuma bai sauya ko taku ɗaya saboda abin da ya ji ba. Ke kuwa an kawo kayan aiki, an cakuɗa, an sa tambaya, an ware gurbi an ce wannan na gobe ne, sannan kika sauya shawara. Wannan yana da suna a Alƙur'ani, kuma ba fa'ali ba ne. Neman rabo ne da kibau, wanda aya ta 3 da ta 90 a Suratul Ma'ida suka haramta. Larabawan jahiliyya suna da kibau uku, ɗaya an rubuta umarni, ɗaya hani, ɗaya babu komai. Mai son aure ko tafiya sai ya zaro, in marar rubutu ta fito ya sake. Masu kartar nan ma idan katin ƙarshe bai yi musu daɗi ba sukan zaro na huɗu su ce don ƙarin bayani. Malamanmu na Malikiyya sun tsaurara a nan har fiye da yadda mutane ke zato. Imam Ƙarafi ya naƙalto daga Ɗurɗushi cewa buɗe Mus'hafi don neman fa'ali da bugun ƙasa da makamantansu duk haram ne, domin suna cikin babin kibau. In buɗe Littafin Allah da wannan niyya bai tsira ba, ina ga takarda mai zane?

Masu cewa madubi ne kawai, ina tambayarsu: madubi yana da gurbin gobe? Wanda ke son ya binciki zuciyarsa zai tambayi kansa me ya raba mu, mene ne laifina, zan iya zama da halinsa in bai sauya ba. Duk waɗannan suna da amsa a cikinki. Amma ko zai dawo, wannan tambaya ce a kan zuciyar wani mutum da kuma ranar da ba ta zo ba. Ki duba ma sakamakon: da madubi ne da kin tashi kin ƙara sanin kanki, sai ga shi kin tashi da alƙawari a kan wani.

Game da imaninki, ban kafirta ki ba, kuma kada ki bar waswasi ya yi miki haka. Wanda ya ƙudurce cewa karta ko mai karanta ta sun san gaibu, ya ƙaryata Alƙur'ani, sai ya sabunta imaninsa. Abin da na fahimta daga maganarki shi ne bege ya rinjaye ki kika jingina, kuma wannan babban zunubi ne da tuba ke shafewa. Ke kika san abin da ya ɗarsu a ranki a daren nan, ki yawaita kalmar shahada da istigfari. Hadisin Muslim na rashin karɓar salla dare arba'in ga wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi kuwa, ma'anarsa rasa lada ne. Salla tana nan wajibi a kanki, ba za ki bar ko ɗaya ba, kuma babu ramuwa.

Tubarki ba za ta cika ba sai kin janye abin da kika gina a kan katin. Ba na cewa ki auri mai neman nan. Ki kira yayanki ki ce a binciki addininsa da halinsa, ki yi istihara raka'a biyu da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir, ki karɓa ko ki ƙi saboda abin da aka gano game da shi. Barin bawan Allah yana jira a kan dalilin da ba za ki iya faɗa masa ba, zalunci ne ƙarami da ba na so ki ɗauka. Kuma istihara ba duba ba ce, ba a jiran mafarki, ba a ba wani kuɗi ya yi a kawo labari.

Tsohon mijinki kuma, tunda idda ta ƙare, ba shi da ikon mayar da ke da baki kawai. Kome sai da yardarki da waliyyi da sabon sadaki da shaidu, kuma igiya biyu ce ta rage. Kafin nan shi ba muharraminki ba ne, hirar dare da sunan maganar yarinya ba ta dace ba. In kina son sanin ko zai dawo, akwai wanda ya fi karta sani, shi ne shi kansa. Ki sami dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwarsu, ya tambaye shi kai tsaye, ki sa wa kanki wa'adi, ko wata ɗaya ne. Amsar na iya yi miki zafi, ki shirya mata.

Abin da nake ji miki tsoro nan gaba shi ne idan wa'adin katin ya wuce bai dawo ba. A nan ne ake cewa a sake bugawa, daga nan kuma wani ya ce akwai malamin da ke yin kiranye ko mallaka. Wannan sihiri ne, ya fi abin da kika yi muni nesa ba kusa ba, ko da an haɗa shi da ayoyi. Ko da kuma ya dawo gobe, kada ki ce karta ta faɗa, saki ɗaya da 'ya a tsakani dama sau da yawa kome yake ƙarewa. Abokiyar aikinki ki ci gaba da kyautata mata, ki gaya mata da sakin fuska cewa addininki bai yarda da wannan ba, in ta sake fito da kartar ki tashi ki koma wajen marasa lafiyarki.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya raya 'yarki. Wallahu a'alam.