Yadda Za Ki Zaɓi Jigogi Uku Ko Huɗu Don Shafin Kasuwancinki

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina ɗinka jakunkunan fata, ina tallata su a Instagram. Yau in ɗora hoton jaka, gobe kalaman hikima, jibi wani bidiyon da ake yayi, har ni kaina ban san inda shafin ya dosa ba. An ce mini in tsayar da jigogi uku ko huɗu in riƙa maimaitawa. Ta yaya zan zaɓe su?

Amsa: Malama, barka kadai. Shawarar da aka ba ki daidai take, amma kada ki zauna ki ƙago jigogin da ka, kada kuma ki kwaikwayo su daga shafin wata, domin suna nan cikin wayarki a saƙonnin da mutane ke aiko miki kafin su saya. Ki koma kan saƙonni 50 na baya-bayan nan, ki ɗauki takarda da biro, duk tambayar da ta maimaitu ki ja mata layi. A ce kin ƙirga kin tarar mutum 22 sun tambayi girman jaka da abin da za ta iya ɗauka, 13 sun tambayi ko fatar ta gaske ce kuma ko ɗinkin zai jure, 9 sun tambayi yadda ake goge ta ko abin da za a yi idan ruwa ya taɓa ta, sauran 6 kuma tambayoyi ne barkatai. To kin ga jigogi uku sun fito da kansu: kayan da girmansu, yadda ake yin aikin, da kula da jaka bayan saye. Na huɗun ba a cika tambayarsa a fili ba, amma yana cikin zuciyar duk wanda zai tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba, wato ko wasu sun saya sun ji daɗi. Wannan shi ne jigon shaidar masu saye.

Kafin ki amince da kowane jigo, ki gwada shi da gwaji guda: ki rubuta abubuwa goma da za ki iya ɗorawa a ƙarƙashinsa ba tare da kin tashi daga inda kike zaune ba. Jigon yadda ake aiki zai ci wannan gwajin cikin sauƙi, domin akwai zaɓen fata, yanka, huda, ɗinkin hannun jaka, saka zik, gyaran baki, shafi na ciki, da sauransu. Idan kuwa kika tsaya a abu na huɗu kina cizon biro, jigon ya yi ƙunci, kuma bayan wata guda zai ƙare miki. Akwai kuma kishiyar wannan, wato jigon da ya yi faɗi fiye da kima, irin su “rayuwa” ko “ƙarfafa gwiwa”, wanda komai aka kawo zai shiga cikinsa. Irin wannan ne ya mayar da shafinki yadda yake yanzu, kuma ina ba ki shawara ki ajiye kalaman hikimar nan gaba ɗaya, tunda duk shafin da ya ɗora su sai su dace da shi, ba abin da ke cikinsu da zai tuna wa mutum jakarki.

Jigo kaɗai ba ya sa a gane shafi, sai an ba shi kama wadda ba ta sauyawa, kuma a nan ne na fi son ki ba da ƙarfi. Hoton sabon kaya ya kasance kullum a jikin bango ɗaya, da haske ɗaya, jakar a buɗe, an jera abin da take ɗauka a gefenta, kamar waya da littafi da makullai, sannan a rubuta tsawo da faɗi da santimita a kusurwa ɗaya da salon rubutu ɗaya. Bidiyon aiki kuma ya fara kullum da hannuwanki a kan teburin aiki, kyamara tana kallo daga sama, ana jin ƙarar almakashi yana cin fata, kada ki rufe ta da kiɗan da ake yayi. Mai zazzaga waya ba ya karanta sunan shafi kafin ya yanke shawarar tsayawa, hoton yake fara gani, kuma idan ya ga wannan teburin da waɗannan hannuwan sau biyar ko shida, zai san naki ne tun bai duba suna ba. Na san za ki gaji da bangon nan tun kafin mabiyanki su gaji, domin ke kina ganin duk abin da kika ɗora, su kuwa kaɗan ne ke isa gare su. Ki daure, kada ki canza shi don kawai ya gundure ki.

Rabon kwanaki ba sai ya zo daidai wa daida ba. Idan sau huɗu kike iya ɗorawa a mako, ki ba kayan biyu, ki ba aikin ɗaya, ɗayan kuma kula da jaka da shaidar masu saye su riƙa karɓa-karɓa. A cikin mako 12 za ki samu 48: kaya 24, aiki 12, sauran biyun 6 kowanne. Shaida kuwa kada ki ɗora hoto ko saƙon kowa sai da izininsa, kuma ki rufe sunansa da lambarsa. Instagram yana jera abin da aka ɗora uku-uku a layi, yana kuma barin a kafe har guda uku a saman shafi, saboda haka ki kafe mafi kyau daga jigon kaya, da na aiki, da na shaida, ta yadda baƙo zai fahimci sana'arki daga layin farko.

Bayan mako 12 sai ki buɗe Insights, wato sashen Instagram da ke nuna alƙaluman abin da kika ɗora, wanda ake samu idan shafin na kasuwanci ne, ki auna kowane jigo da aikin da aka ɗora masa, kada ki auna su duka da yawan masu danna alamar so. Jigon kaya da na shaida ana auna su da saƙonnin tambaya da odar da suka jawo. Na kula da jaka ana auna shi da yawan waɗanda suka adana shi ko suka tura wa wasu. Na aiki kuma ana duba yawan waɗanda ba mabiyanki ba ne da ya kai gare su, da waɗanda suka leƙo shafin daga nan. Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓar shi ne mutum ya ga bidiyon aiki ya fi tara masu kallo sai ya mayar da shafin duka na aiki, daga nan mabiya su ƙaru ciniki ya tsaya cik, domin an tara masu sha'awar kallon ɗinki, ba a nuna musu jakar da za su saya ba.

Alamar da za ta nuna miki jigo ya yi aikinsa ita ce tambayar da ya fito daga cikinta ta ragu a saƙonninki, mutane su fara zuwa suna cewa jaka kaza suke so mai girma kaza. Idan kuwa wani jigo ya gaza a ma'auninsa, ki fara sauya yadda kike gabatar da shi na tsawon mako huɗu, misali ki mayar da bayanin kula da jaka daga rubutu zuwa gajeren bidiyon da ke nuna tabo kafin gogewa da bayan gogewa. In har bai motsa ba, ki cire shi ki koma kan saƙonni 50 na wannan lokacin ki nemi madadinsa, amma jigo ɗaya za ki sauya a lokaci guda, sauran ukun su ci gaba yadda aka san su.