Me zan rubuta a shafukan PowerPoint idan zan yi bayani gaban shugabanni?

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Birnin Kebbi, an kuma ba ni minti 10 in gabatar wa shugabanni rahoton wata uku. Na kwafe rahoton cikin PowerPoint, amma shugabana ya ce rubutun ya yi yawa, in mayar da shi saƙo ɗaya a kowane shafi. Yaya zan rage ba tare da na zubar da muhimman abubuwa ba?

Amsa: Malam, ka fara gyaran daga taken kowane shafi, domin a nan saƙon yake zama. Yawancin mutane sukan rubuta take irin “Kuɗin Man Dizal”, wanda ya ambaci abin da za a tattauna amma bai ce komai a kansa ba, sai shugaba ya shiga laluben ma'ana cikin layuka goma alhali kai kana can kana magana. Ka mayar da taken cikakkiyar jimla wadda ba ta wuce layi biyu ba, wadda kuma za a iya yarda da ita ko a musanta ta.

Mu ɗauka, a matsayin misali, cewa rahotonka ya nuna kuɗin dizal ya tashi daga naira miliyan 18 zuwa miliyan 27, kuma dalilin shi ne janareto ya fi yin aiki saboda ƙarancin wutar lantarki, sannan kana neman a amince da gyaran na'urar busar da shinkafa. Waɗannan saƙonni uku ne, don haka shafi uku suke buƙata. Taken na farko zai zama “Kuɗin dizal ya ƙaru da kashi 50 cikin 100 a wata uku”, a ƙarƙashinsa kuma zane ɗaya mai sanduna biyu, ɗaya 18 ɗaya 27. Na biyu zai ce “Ƙarancin wuta ne ya jawo ƙarin”, tare da awannin da janareto ya yi a kowane wata. Na uku shi ne buƙatarka, da adadin kuɗin da ranar da kake son a yanke shawara. A ganina wannan na uku ya cancanci ya zo da wuri, domin shugabanni sukan katse mai bayani da tambayoyi, lokaci ya ƙare bai kai ga abin da ya kawo shi ba.

Alamar da ke nuna shafi ya ɗauki saƙo biyu ita ce ka ga taken yana neman “kuma” ko “sannan” a tsakiyarsa. Idan haka ta faru, ka zaɓi shafin a jerin da ke gefen hagu, ka danna Ctrl+D ya zama biyu, ka raba musu maganar. Wata alamar tana cikin girman rubutu: idan ka cika akwati, PowerPoint yakan ƙanƙantar da haruffa da kansa ta hanyar AutoFit, har abin da ka fara da 28 ya koma 16 ba ka lura ba. Ka riƙe rubutun ciki a 24 ko sama, taken kuma wajen 32, domin na zaune a ƙarshen ɗakin taro ya iya karanta abin da majigi ya haska.

Abin da ka cire ba zubarwa za ka yi ba. Ka mayar da shi cikin Notes da ke ƙasan kowane shafi, ka kunna Use Presenter View a sashen Slide Show, sai kai kaɗai ka riƙa ganinsa a kwamfutarka. Ka gwada tun a ofis da Alt+F5, wanda yake nuna wannan fuska ko babu majigi. Jadawali mai lambobi da yawa kuwa ka kai shi ƙarshe, ka ɓoye shi da Hide Slide. Idan akanta ya nemi hujja, ka rubuta lambar shafin ka danna Enter.

Kafin taron ka shiga View, ka zaɓi Outline View, ka karanta taken shafukan kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Idan sun ba da labarin rahoton ba tare da taimakon komai ba, aikin ya yi. Minti 10 ba zai ɗauki fiye da shafi shida ko bakwai ba idan za ka bar lokacin tambayoyi.

Wannan tsari na wanda zai tsaya ya yi bayani da bakinsa ne. Idan wani darakta zai karanta a wayarsa ta WhatsApp ba tare da kai ba, shafukan kaɗai ba za su ishe shi ba. Shi sai ka shiga File, ka zaɓi Print, ka canza tsarin zuwa Notes Pages, ka fitar da shi a PDF, domin kowane shafi ya isa gare shi da cikakken bayaninsa a ƙasa.