Sunan unguwa da na gari a bidiyon tallan shago

Tambaya: "Jama'a, tela ce ni a Tudun Wada. Ina ɗora bidiyon ɗinkina a YouTube, amma masu kirana duk 'yan nesa ne. A ina zan sa sunan wuri don na kusa su gan ni?"

Hajiya, wace Tudun Wadar? Akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Kano, har Jos da Gusau ma suna da tasu. Manhaja ba za ta yi miki hasashe ba, shi ya sa kullum ake haɗa unguwa da gari. Na daɗe ina ɗora wa masu shaguna bidiyo, kuma a nan galibinsu ke tuntuɓe.

Mu ƙaddara ta Zariya ce. Taken bidiyo shi ne kan gaba. Harafi 100 YouTube ke bari, amma a waya ana yanke ƙarshen dogon take, don haka sana'a da sunan wuri su zo a farko. Maimakon "Sabon ɗinki masha Allah", rubuta:

```
Dinkin atamfa na mata a Tudun Wada Zaria | Sabon salo
```

Da gangan na rubuta Dinkin ba lanƙwasa, na kuma sa Zaria, domin haka mutane ke bugawa idan suna nema. A layi biyu na farkon bayanin bidiyon, waɗanda ake gani kafin a buɗe sauran, sai ki kawo cikakken kwatance cikin jimla: layin kaza, kusa da masallaci ko makaranta kaza, Tudun Wada, Zariya, Jihar Kaduna. Kin ga ɗaya rubutun sunan garin ma ya shigo.

A YouTube Studio, idan kin danna Show more, za ki ga gurbin Video location. Zaɓi garinku a wurin. Amma Tags kada ki ɓata dare a kansu. YouTube da kansa ya ce tasirinsu kaɗan ne, sai dai ga kalmar da ake yawan kuskuren rubutawa. Sa Zaria, Zariya, Zazzau, ya isa.

Abin da zan hana ki shi ne jero Kano, Abuja, Sakkwato, Katsina wai don a samu masu kallo. Za su zo, su tambayi farashi, su ji nisa su tafi, ke kuma kin ƙarar da katinki.

Bayan kamar wata ɗaya, shiga Analytics na bidiyon, sannan Reach, ki duba YouTube search. Nan za ki ga kalmomin da aka bugo aka same ki. Idan kallon bai yi yawa ba tukuna, gurbin na iya zama wayam, to sai ki riƙa tambayar duk wadda ta kira: "Daga wace unguwa, kuma me kika rubuta kika gan ni?" Abin da suka fi maimaitawa, shi za ki sa a taken bidiyo na gaba.