Lissafin jarin teburin shayi

"Maigida, na tara naira 200,000, ina so in kafa teburin shayi da indomi a bakin titi. Za ta isa kuwa?"

Za ta isa, ɗana, in dai ba ka bari kayan aiki sun cinye ta ba. Tebur da benci, kafinta na unguwa ya haɗa maka. Tukunyar ruwan zafi, kasko, kofuna, faranti, tukunyar gas ƙarama da fitila mai caji, ka nemi na hannu inda ya samu. Kada duk wannan ya wuce dubu saba'in. Gilashin jera burodi ya jira sai ka kafu.

Wata dubu saba'in ɗin ka shiga kasuwar Singa da ita: sukari, madara, ganyen shayi, indomi, mai. Na kwana uku zuwa huɗu kawai. Ƙwai da burodi kuwa kullum za ka riƙa sarowa, don zafin Kano ba ya raga musu. Albasa da attaruhu, kasuwar 'Yan Kaba.

Ragowar dubu sittin ita na fi so ka riƙe da kyau, ga dalili. Farashi yana motsi, sai ka tambayo na ranar, amma mu ɗauka katan ɗin indomi mai guda 40 naira 10,000 ne, ɗaya ta tashi 250 ke nan. Kiret na ƙwai mai 30 a 6,000, ɗaya 200. Mai cin indomi biyu da ƙwai biyu ya ci maka 900. Ƙara 150 na mai, albasa, yaji da gas. In ka sayar 1,300, abin da ya rage maka 250 ne kacal.

To ga abin da sabon shiga ke mantawa. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai garuwa zai karɓi kuɗin ruwa, za ka ba da caji, za ka sallami yaron wanke-wanke, kai ma za ka ci. A ce 3,000 a rana. Sai ka sayar da faranti 12 kafin kobo ɗaya ya zama naka. Makonnin farko da wuya ka kai haka, mutane ba su san hannunka ba tukuna. Daga wannan ajiyar za ka riƙa cike giɓin, ba daga kuɗin saro ba.

Sannan bashi. Abokai za su zo da "rubuta, sai gobe". Ka sa littafi, ka yanka wa kowa iyaka. In ka ga aljihu da kuɗi amma ba za su sake sayo katan ɗin da ya ƙare ba, uwar kuɗi ake ci.

Kafin kafinta ya buga ƙusa, ka daidaita da mai wurin, ka gaida mai unguwa, ka tambayi kuɗin rasit na ƙaramar hukuma. Kuma ka ja teburin baya daga kwalta, don 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar titunan Kano, suna tashin wanda ya ci hanya.