Gari ko gari? Yadda ake auna tsawon wasali a muryar da aka naɗa

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maradi: "Ina naɗar muryar tsofaffi da salula, ina rubuta abin da suka faɗa. Garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Yaya zan bambanta su a rubuce, kuma da me zan tabbatar ba kunnena ke ruɗa ni ba?"

Malama, kunnenki lafiyarsa lau. Hausa na da wasula 5, kowanne da dogo da gajere, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawo. Ajami kan nuna shi da alif da wawu da ya. Masu nazari kuma hanya uku suke bi: ninka harafi, gàrii na zama da gàarii na tuwo, ko ɗora sanda a kai kamar ā, ko sa alamar IPA, wato haruffan nazarin sauti na duniya, aː. Ni dai ninkawa nake ba da shawara, don kowace salula za ta iya buga ta, kuma ba ta lalacewa in an tura fayil. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta.

Kalmomin nan naki sun dace da awo, domin karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Sai dai kada ki ba tsohuwa takarda ta karanta. Nuna mata ƙwaryar gari ki tambayi sunansa, ɗayan kuma ki jawo shi da hira, sannan ta sa kowanne cikin jumla iri ɗaya: "Na ce gari jiya." Kalmar da aka faɗa ita kaɗai takan miƙe fiye da yadda take a zance. Kowacce a maimaita ta kamar sau 10, a ɗaki marar fanka.

Manhajar awon ita ce Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam. Kyauta ce, a kwamfuta take aiki. In salularki m4a take ajiyewa, ki mayar da shi WAV tukuna da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i murya.m4a -ac 1 murya.wav
```

Ki buɗe fayil ɗin da Read from file, ki danna Annotate, sannan To TextGrid, wato shafin da za ki sa iyakoki a kai. Zaɓi sautin da TextGrid ɗin tare ki danna View & Edit. Igiyar sauti za ta fito a sama, hoton sauti mai duhu da haske a ƙasa.

Dukan aikin yana wurin sa iyaka. Bayan g ta fashe za ki ga igiyar ta fara maimaita siffa ɗaya a jere, a ƙasa kuma baƙaƙen layuka a kwance sun fito sarai. Nan wasalin ya fara, sai ki danna wurin ki buga Enter. Ƙarshensa ya fi wuya, domin r ta gari bugun harshe ɗaya ce mai saurin gaske. Ki faɗaɗa hoton har ki ga inda igiyar ta tsuke, layukan suka dusashe na ɗan lokaci, ki sa iyaka a farkon tsukewar. In kin haɗa da r, kin ƙara wa gajeren wasali abin da ba nasa ba, kuma a kansa kuskuren ya fi nauyi tunda dama ɗan kaɗan ne.

A ce "a" ta garin zama ta fara a sakan 1.240 ta ƙare a 1.310, milisakan 70 ke nan. Ta garin tuwo kuma daga 2.415 zuwa 2.555, milisakan 140. Raba 140 da 70, ya ba da 2. Wannan rabon shi za ki riƙe, bayan kin fitar da matsakaicin maimaicin duka. Lamba ita kaɗai yaudara ce, domin dogon wasalin yaro mai saurin baki na iya kusantar gajeren na kakarsa. Don haka kowane mutum da kansa ake gwada shi.

A ƙarshen kalma kuma sai an yi hattara. Baƙon da ya sauka a gida bàaƙoo ne, mai suna kuwa Bàaƙo. In aka tsaya a kan gajeren, maƙogwaro kan datse shi, igiyar ta yanke farat ɗaya, dogon kuwa a hankali yake dusashewa, har a rasa inda za a sa masa iyaka. Shi ya sa na sa "jiya" a bayan kalmar. Kada kuma ki auna wasalin ƙarshe a "garin tuwo", domin n ta rufe gaɓar, dogon ii ya riga ya gajarce.

In kin ga tsawon dogayen da na gajerun ya cakuɗe, kafin ki ce mai maganar ba ta bambantawa, ki duba bangon ɗakin. Amsa-kuwwa kan ja wutsiyar wasali ta rufe tsukewar r. Ki sake naɗa a ɗaki mai labule da katifa, salular na kamar taƙi ɗaya daga bakinta.