Shugaba na barin wa akawu wayar amincewa da biya

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu. Akawunmu ke shigar da kowane biya a manhajar banki, shugaba kuma ya amince. Amma in shugaba zai yi tafiya sai ya bar masa wayarsa da lambar sirri don kada aiki ya tsaya. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ina jin nauyin magana.

Amsa: Malam Sakatare, da gaskiyarka. Duk ranar da wayar nan ta kwana a hannun akawu, mutum ɗaya ke fitar da kuɗinku, ko da banki na ganin sunaye biyu.

Abin da ya ishe ni ji kullum shi ne "ai mutumin kirki ne, mun yarda da shi". Ba halinsa ake tuhuma ba. Mai gaskiya ma yakan ƙara sifili bisa kuskure, kuma ɗan damfara yakan turo masa saƙo da sunan dillali cewa an canza asusu. Idan shi ya shigar shi ya amince, wa zai gani? Sannan ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo, sunan shugaba za a tarar a wurin amincewa, shi kuma akawu ba shi da hanyar wanke kansa. Haka zancen yake ga mai sa hannu a cek ɗin da ba a rubuta komai ba kafin ya kama hanya. Ku daina, ko na kwana ɗaya ne.

A ce kun sayi taki buhu 200 a kan naira 35,000 kowane, wato miliyan 7. Kafin mai amincewa ya danna, takardu uku za a ajiye masa: odar da kuka bayar, takardar kuɗin dillali, da shaidar mai kula da sito ta abin da ya ƙirga. In buhu 180 suka shiga sito, miliyan 6 da dubu 300 za a biya. Mai amincewa ya kuma karanta lambobi goma na asusun dillalin da sunan da ya fito a allo. In asusun sabo ne, ya kira dillalin ta lambar da kuka saba, kada ya kira wadda ta zo a saƙon.

Maganin tafiyar shugaba kuwa, ku zauna ku zaɓi mai amincewa na biyu, kamar mataimakinsa, ku kai wa banki takardar shawarar a buɗe masa nasa izinin. A tabbatar izinin akawu na shigarwa ne kawai.

Kai kuma ka karɓi bayanin asusu na watannin baya daga banki kai tsaye. Ware ranakun da shugaba ba ya gari, ka nemi takardun nan uku na kowane biya da ya fita a cikinsu. Shugaba kuma lallai ne ya canza lambar sirrinsa yau.